Jarumai huɗu, 'yan fashi shida: a gyara min dokar faɗan nan

Zee_Alƙalami: Assalamu alaikum jama'a. Ina jan wasan labari na tebur wa mutum huɗu da ba su taɓa yi ba, kuma dayis ɗin da muke da su irin na ludo ne kawai, masu fuska shida. Dokar da na tsara ta faɗa ita ce: mai kai hari ya jefa dayis ɗaya, in ya samu 4 ko sama ya samu abokin gaba, sai ya sake jefawa a ga yawan raunin da ya yi. Kowa yana da makin rai 6, jarumai da abokan gaba duka. Na haɗa su da 'yan fashi shida a kan hanya, kafin a ankara biyu sun mutu, sauran biyun da ƙyar suka tsira. Ba na son wasan da ba a jin tsoro, amma kuma ba na son mutum ya ɓata lokaci yana ƙirƙirar jarumi ya mutu a faɗan farko. Ta ina zan fara gyara?

Sadauki20: Wa alaikumus salam. Matsalarki dayis ɗin ne. Mai fuska shida ya yi ƙanƙanta, maki ɗaya a kansa kusan kashi 17 cikin 100 ne, ba ki da wurin motsi. Ki nemi mai fuska ashirin, kowane maki kashi 5 ne cif, kina ƙarawa kina ragewa yadda kika ga dama. Ba banza ba manyan wasanni suke amfani da shi.

Malam Lissafi: Sadauki, batun kashi 5 ɗin nan gaskiyarka ne, amma ba shi ya kashe jarumanta ba. Ko da mai fuska ashirin ta buga faɗan nan, sakamakon ɗaya ne.

Zee, mu ɗauki dokarki yadda take. Rabin hare-hare suna samu, kuma matsakaicin abin da dayis mai fuska shida yake bayarwa 3.5 ne. To kowane hari yana cin maki 1.75 a matsakaici. 'Yan fashi shida suna cin 10.5 a zagaye guda, alhali ran jarumanki gaba ɗaya 24 ne. Su kuma jaruman suna cin 7 a zagaye, daga cikin 36. Kin ga wancan ɓangaren ya fi duka, kuma ya fi jure duka. Yawa sau biyu yake aiki. Wani injiniya ɗan Birtaniya, Frederick Lanchester, ya nuna haka a 1916: in kowa na iya kai wa kowa hari, ƙarfin runduna yana tafiya ne da yawanta a ninka da kansa. Shida da huɗu ba 6 da 4 ba ne, 36 ne da 16. Kin haɗa su da abin da ya fi ninkinsu.

Abu na biyu, rai 6 ne kuma rauni yana iya kai 6. Wato hari ɗaya cikin goma sha biyu yana kashe lafiyayyen jarumi nan take. In kuwa an same shi sau biyu, sau 26 cikin 36 ya tafi. Babu lokacin da ɗan wasa zai ga hatsari ya ce bari in ja da baya.

Zee_Alƙalami: Kai, ni a zatona shida da huɗu ɗan bambanci ne. To Malam in mayar da ransu 20 in huta?

Malam Lissafi: Zai hana mutuwar gaggawa, amma sai ki faɗa wani ramin. In kika bar 'yan fashin da 6, lafiya lau, sai dai har yanzu mutum goma ne ke jifa a kowane zagaye, rabinsu kuma su sake jifan rauni. Shida daga cikin goman nan ke ce da kanki, 'yan wasa suna zaune suna kallonki. Sabon shiga ba ya jure wannan, za ki ga hannu ya fara zuwa waya.

Ni da zan ba ki shawara, ki bar jifa gaba ɗaya. 'Yan wasa kaɗai su jefa, dayis biyu, a haɗa, a ƙara makin gwanintar jarumi. Jifa ɗaya ya yanke abin da ya faru ga ɓangarorin biyu:

```
2d6 + gwaninta
10+  : ka same shi, bai same ka ba
7-9  : ka same shi, shi ma ya same ka
2-6  : ka kuskure, shi ya same ka
```

Ba ni na ƙirƙiro rabon nan ba, wasan tebur na Apocalypse World na Vincent Baker ne ya yaɗa shi tun 2010. Abin da ya sa ya dace da ke shi ne dayis biyu suna taruwa a tsakiya. Hanyoyin faɗuwarsu 36 ne, shida daga ciki suna ba da 7, ɗaya tak ke ba da 12. Jarumi mai ƙarin maki 1 yana samun nasara tsaf sau 10 cikin 36, musayar duka sau 16, kuskure sau 10. Ki sa kowane duka ya ci maki ɗaya, ki jefar da jifan rauni.

Ɗan_Birni77: Don Allah sunan wasan fa? Na duba a waya ban gan shi ba. Yana cin data sosai?

Ummu Taswira: Ƙanina ba na waya ba ne. Takarda ce da fensir da dayis, mutane na zaune ana ba da labari, kowa na riƙe da jarumi ɗaya.

Ɗan_Birni77: Au. To ai ludo ne da surutu.

Ummu Taswira: Kusan haka, sai dai surutun ne wasan.

Malam Lissafi, ina da ja a kan tsarinka. In kowane duka maki ɗaya ne, kuma jarumi sau ɗaya yake jifa a zagaye, to mafi munin abin da zai same shi shi ne ya rasa maki ɗaya a zagaye. Mai rai 6 sai an yi zagaye shida ana samunsa kafin ya faɗi, faɗan kuwa ya ƙare tun a na uku ko na huɗu. Ka fitar da ita daga mahauta ka kai ta inda ba wanda zai ko ji tsoro. Ita kuma ta ce tana son hatsari.

Malam Lissafi: Kin kama ni, Hajiya. Gyaran ƙarami ne: a musayar duka jarumi ya rasa 1, a kuskure ya rasa 2. Kuma lissafin sai ya fito da kyau. Sha shida sau 1, da goma sau 2, ya ba da 36 cikin 36. Wato jarumi mai ƙarin 1 yana rasa maki ɗaya daidai a kowane jifa a matsakaici, yana kuma samun abokin gaba sau 26 cikin 36, kusan kashi 72.

Yanzu Zee tana da abin awo. Jarumai huɗu suna sauke duka kusan uku a zagaye, 2.9 in ana son daidai. Ki tara makin ran abokan gaba duka, ki raba da uku, kin san tsawon faɗan. Jimilla 8 ko 9 zagaye uku ne. Jimilla 12 zagaye huɗu ne, wani lokaci har a shiga na biyar.

Ga inda nake so ki tsaya ki duba, domin nan ne hatsarin yake zaune. A faɗan zagaye uku, mai rai 6 ba zai faɗi ba sai ya kuskure sau uku a jere, abin da ke faruwa kusan sau 2 cikin 100. A cikin mutum huɗu, yiwuwar a samu ko ɗaya ya faɗi kusan kashi 8 ne. Amma in faɗan ya cika zagaye huɗu, yiwuwar faɗuwar jarumi ɗaya ta tashi zuwa kusan kashi 16, ta a samu ko ɗaya cikin huɗun kuma ta kai rabi. Zagaye ɗaya tak aka ƙara, aka tashi daga kashi 8 zuwa kashi 50. Shi ya sa masu jan wasa suke mamaki, su ce ai ɗan fashi ɗaya ko biyu kawai na ƙara.

Zee_Alƙalami: Tsaya in gani ko na gane. 'Yan fashina shida, in na ba kowanne rai 2, jimilla 12 ke nan, wato faɗa mai tsanani. In ina son na farko ya zama na koyo, sai in sa huɗu masu rai 2, jimilla 8.

Malam Lissafi: Haka ne. Ko kuma ki bar su shida ɗin, don shida sun fi ban tsoro a baki, amma ki sa su gudu da zarar uku sun faɗi. Ɗan fashi kuɗi ya fito nema, bai fito ya mutu ba. In jarumai suka taru a kan mutum ɗaya bayan ɗaya, duka shida ya ishe su kayar da uku. In kowa ya kama nasa suka warwatsa dukan, zai iya kai tara. To kin ga kin koya musu haɗa kai ba tare da kin buɗe baki ba.

Sadauki20: Ni har yanzu ban gamsu ba. Na farko, rabon nan uku ana iya yin sa da mai fuska ashirin, ba sai dayis biyu ba. Na biyu, kuma wannan ne babba, a tsarin nan yawan abokan gaba ba ya ƙara musu duka. Jarumi ɗaya a tsakiyar mutum biyar da jarumi ɗaya a gaban mutum ɗaya, rauni iri ɗaya suke ɗauka a zagaye. Ɗazu ka gama kawo mana Lanchester, yanzu ka share shi. Wane irin faɗa ne wannan da kewaye mutum ba ya cutar da shi?

Malam Lissafi: Na farkon na yarda, amma ita masu fuska shida gare ta. Na biyun da gangan ne, share shi ne ya sa za ta iya hasashen faɗa da rabawa ɗaya. In tana son kewaye ya yi zafi, sai ta ce wanda mutum biyu ko fiye suka taru a kansa a cire masa maki 1 daga jifansa. Amma ɗaya fa, kar ya wuce. Duba abin da ɗayan yake yi: mai ƙarin 1 yana biyan kusan maki 1.4 na ransa a kan kowane duka da ya sauke. In ya koma sifili, samunsa ya sauka zuwa 21 cikin 36, abin da yake biya ya haura 2.1. A nan maganarka ta farko take da ƙarfi, maki ɗaya a kan dayis biyu ba ƙaramin abu ba ne.

Sadauki20: To ai ka dawo inda nake. Kuma ta ɗaya gefen ma haka ne. Bayan zama biyar za su fara neman lada, wannan takobi mai ƙarin 1, wancan sulke. Mai ƙarin 3 sau 3 kawai yake kuskure cikin 36. Wasan ya mutu ke nan. Da mai fuska ashirin kana iya raba ƙari goma kafin abu ya lalace.

Malam Lissafi: Ban musa ba. Dogon wasa mai hawa mataki-mataki ya fi dacewa da naka. A nata, a tsaya a ƙarin 2, kuma a fage ɗaya kawai ga kowane jarumi. Lada ya zama wani abu daban: makin rai ɗaya, ko damar sake jifa sau ɗaya a zama, ko makami mai cin 2 in an samu 10 ko sama.

Baba Ƙarami: Ku yi haƙuri in sa baki. Ni duk lissafin nan ban taɓa yin sa ba. Ina jefa dayis a bayan littafi, in na ga jarumi zai mutu sai in ce an kuskure shi. Shekaru muna haka ba wanda ya yi kuka.

Ummu Taswira: Baba, ba su yi kuka ba ko ba su gane ba? Na taɓa zama a teburin da muka gano mai jan wasan yana mana haka. Daga ranar ba wanda ya sake gudu daga faɗa, kowa ya san ba za a bari ya mutu ba. Har nasarorin da muka yi a baya suka zama ba daɗi.

Baba Ƙarami: 'Yata, wannan rashin iya ɓoyewa ne nasa.

Ummu Taswira: A tsarin da ake magana ma ba ta da abin ɓoyewa, tunda ba ta jifa. Komai a gaban kowa yake faɗuwa.

Zee_Alƙalami: Ni ma na fi son a fili. Amma akwai abu biyu da suka tsaya min. Ɗaya cikin 'yan wasana maharbiya ce, daga nesa take harbi. In ta samu 8, wa ya same ta, tunda ba kowa kusa da ita? Sannan in rauni daga jifa kawai yake zuwa, wanda ransa ya yi ƙasa ai sai ya ce shi ba ya yin komai a zagayen nan, ya tsira a banza.

Ummu Taswira: Na biyun mai sauƙi ne. Duk wanda hannun abokin gaba zai iya kai masa, jifa dole ne, ko me yake yi. Gudu yake so ya yi, ya jefa: 10 ya fita lafiya, 7 zuwa 9 ya fita da rauni ɗaya, ƙasa da haka yana nan kuma ya rasa 2. Ɗaga abokinsa da ya faɗi, haka. Wannan ne ma yake sa mutum ya yi tunanin gudu tun yana da rai 3, ba sai ya kai 1 ba.

Maharbiya kuma ki canza kuɗin da take biya. Ki ba ta kibiya shida a rubuce a takarda. A 7 zuwa 9 ta samu, amma ta zaɓa: ko kibiya biyu suka tafi, ko an gano maɓoyarta. A kuskure wani ya iso gabanta, zagaye na gaba da wuƙa za ta yi, ba ƙarin maki.

Malam Lissafi: Ƙari ɗaya a kan wannan. In ba ta ɗaukar rauni, lissafin bai lalace ba, sauran ukun maki ɗaya-ɗaya suke rasawa kamar da. Sai dai za su lura cewa su kaɗai ke zubar da jini. Kar ki bar faɗa biyu su wuce ba a kai gare ta ba.

Kuma duk alƙaluman da na bayar na jaruman da suka shigo da cikakken rai ne. Faɗan zagaye uku yana cin kusan maki uku a kan kowa, rabin ransu. In kika kawo na biyu ba hutu, to faɗan jimilla 8 ɗin nan da ya zama wasa ɗazu shi ne zai kwantar da su. Ki yanke tun yanzu: gajeren hutu yana mayar da 2, kwana yana mayar da duka.

Zee_Alƙalami: To in rai ya kai sifili fa? Mutuwa ce?

Sadauki20: Ya jefa dayis biyu ba ƙari. Ƙasa da 7 ya mutu. In babu mutuwa babu wasa.

Malam Lissafi: Ka san nawa ne wannan? Sha biyar cikin 36, kusan kashi 42. Haɗa shi da faɗan zagaye huɗu inda rabin lokaci wani yake faɗuwa, ya zama fiye da ɗaya cikin kowane manyan faɗa biyar ana binne wani. Ga tsofaffin hannu ba laifi. Ga wanda jiya ya koyi rubuta sunan jaruminsa, ya yi yawa.

Ummu Taswira: Ni a teburina sifili faɗuwa ce. Abokai suna da zagaye biyu su kai gare shi. In sun kai, ya tashi da rai 1 da tabo: ya rasa makin rai ɗaya har abada, ko wani kaya mai daraja ya salwanta. In ba su kai ba, shi ɗan wasan ne zai zaɓa, a kama jaruminsa ko ya mutu yana tare wa sauran hanya. Za ku yi mamakin yawan waɗanda suke zaɓar mutuwar in su aka bar wa zaɓin.

Sadauki20: Mutuwar da mutum ya zaɓa da kansa ai ba hatsari ba ce, wasan kwaikwayo ne.

Ummu Taswira: Rasa makin rai har abada fa? Daga 6 zuwa 5 yana jin sa a kowane faɗa da ya rage.

Sadauki20: Yana ji, amma ba ya tsoro. Ba ɗaya ba ne.

Baba Ƙarami: A nan kam ina bayan Sadauki, ko da yake ni ne mai ceton su a ɓoye.

Zee_Alƙalami: Wannan sai na tambaye su kafin mu zauna, don biyu daga cikinsu na san za su so na Sadauki, ɗaya kuma in jarumarta ta sake mutuwa ba za ta dawo ba. Malam, akwai yadda zan gwada alƙaluman nan da kaina kafin ranar?

Malam Lissafi: A shafin AnyDice ki rubuta wannan, zai nuna miki yiwuwar kowace lamba:

```
output 2d6+1
```

Amma gwajin da ya fi shi ne ki zauna ke kaɗai da takarda, ki buga faɗan 'yan fashin sau goma, kina rubuta zagaye nawa ya ɗauka da ran da ya rage wa wanda ya fi shan wuya. In mafi yawansu suna ƙarewa a zagaye na uku, mafi rauni yana da 1 ko 2, kin samu. In kina yawan shiga na biyar, rage musu rai biyu ko ki sa su gudu da wuri.

Zee_Alƙalami: Na gode ƙwarai. Saura shugaban 'yan fashin. Ina so ya zama shi kaɗai a kan su huɗu a ƙarshe. In ba shi rai 12 ke nan?

Malam Lissafi: Sha biyu zai ba ki zagaye huɗu, amma zagaye huɗu na sara wuri ɗaya, ba wanda ke faɗuwa a tsakani da zai nuna musu ana ci gaba. Ki ba shi 8, ki sa masa 'yan rakiya biyu masu rai 2, kuma in ya sauka rabi ya canza wani abu, ya kashe fitila ko ya ja da baya kan gada inda mutum biyu kawai za su iya isa gare shi. Sai dai ki lura, in biyu kaɗai ke jifa, dukan da ake saukewa a zagaye ya ragu da rabi, ragowar ransa 4 zai ɗauki kusan zagaye uku, kuma a kan mutum biyun nan duk raunin zai sauka. Ki bar musu damar musanya wuri da na baya.

Ummu Taswira: Kuma maharbiyar ta iya harbi ta saman kansu, in kibiyoyinta ba su ƙare ba.